Kasafin Shekara a Kan Takarda Ɗaya

Fallen aiki na Excel yana da ginshiƙai 16,384 daga hagu zuwa dama, da layuka 1,048,576 daga sama zuwa ƙasa. Takardar A4 da muke sakawa a firinta kuwa faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Duk wahalar da ma'aji ko sakatare yake sha ranar da aka ce ya kawo rahoton kasafi a shafi ɗaya, daga wannan bambancin take tasowa. A kan allo babu abin da ke tsayar da shi. Idan ya buƙaci wani ginshiƙi sai ya ƙara, idan lissafi ya rikice masa sai ya koma can gefe ya warware. Sai ranar bugawa takarda take nuna masa cewa ita tana da iyaka.

Mu ɗauki misalin ƙungiyar ci gaban gari, irin wadda ke karɓar kuɗin wata-wata daga mambobi, tana bayar da hayar rumfuna da kujeru, tana kuma biyan masu gadi, da gyaran rijiyar burtsatse, da yashe magudanan ruwa kafin damina. Shekara ta ƙare, za a yi babban taro, shugaba ya ce wa ma'aji, "Malam, a taƙaita mana shi a takarda ɗaya yadda kowa zai riƙe a hannu." Jadawalin ma'ajin yana da layuka 42. Ginshiƙin A na lamba ne, faɗinsa santimita 1.2. B na sunan abin da aka karɓa ko aka kashe ne, santimita 6. Daga C zuwa N watanni goma sha biyu ne, kowanne santimita 2.2. O jimlar shekara, P abin da aka ware tun farko, Q bambancin da ke tsakaninsu, kowanne 2.6. R kuma na ƙarin bayani ne, santimita 5. Idan aka haɗa, faɗin jadawalin santimita 46.4 ne. Can gaba, daga T zuwa W, akwai lissafin gefe da ma'ajin ya yi lokacin da yake raba kuɗin man janareta, bai goge ba.

Wanda yake son ganin faɗin ginshiƙansa da ma'aunin tsawo, ya shiga `View` ya zaɓi `Page Layout`. Ruloli za su fito a sama da gefe, kuma idan ya danna kan layin da ya raba ginshiƙi biyu zai ga awon, a santimita ko a inci, gwargwadon yadda aka saita kwamfutar.

Idan ma'ajin ya danna `Ctrl+P` yadda abin yake, takarda huɗu zai samu. Excel yana barin gefen da ba a rubutu, santimita 1.78 a hagu da dama, saboda haka daga santimita 21 abin da ya rage na rubutu kusan 17.4 ne. Shafi na farko zai ɗauki sunaye da Janairu zuwa Afrilu. Na biyu zai ɗauki Mayu zuwa Nuwamba, alƙaluma zalla ba tare da sunan komai ba. Na uku Disamba da jimloli. Na huɗu kuma lissafin man janareta, wanda ba a so kowa ya gani.

A nan ne galibin mutane suke gano zaɓin nan da ke ƙasan shafin bugawa, `Fit Sheet on One Page`. Suna dannawa, takarda huɗu ta zama ɗaya, sai su ce an gama. Amma a duba abin da ya faru. Excel bai ƙara wa takardar faɗi ba, matse rubutun ya yi, kamar direban tasha da ya cusa mutum biyar a kujerar mutum uku ya ce ai kowa ya samu wuri. Jadawalin tare da lissafin gefe ya kai kusan santimita 57, an tura shi cikin 17.4, wato an mayar da komai kusan kashi 30 cikin ɗari na girmansa. Rubutun da aka yi da girma 11 ya koma kusan 3. Dattijon da ke zaune a layin gaba ko ya sa tabarau ba zai karanta ba, kuma a taron kuɗi, takardar da ba ta karantuwa zargi take jawowa.

Fara da shata abin da za a buga

Excel yana buga duk inda ya ga wani abu. Gida ɗaya da aka manta da lamba a ciki, ko wanda aka danna tazara kawai a cikinsa, ko wanda aka zana wa iyaka, ya isa ya ja shafi guda, ko ya sa matsewar ta yi tsanani. Wannan ne dalilin fararen takardun da kan biyo bayan rahoto ba a san daga ina suka fito ba. Hanyar gano inda abin ya kai ita ce danna `Ctrl+End`. Zai kai ka gidan ƙarshe da fallen yake ɗauka an yi amfani da shi. Idan jadawalinka ya ƙare a R42 amma ka tsinci kanka a W300, akwai tarkace a tsakani.

Ba sai an bi tarkacen ana gogewa ba. A ja linzami daga A1 zuwa R42, a shiga `Page Layout`, a danna `Print Area`, a zaɓi `Set Print Area`. Daga nan duk abin da ke wajen wannan yankin yana nan a fayil, lissafi yana aiki da shi, amma ba zai hau takarda ba. Umarnan suna wannan wurin tun daga Excel 2007. Waɗanda kwamfutarsu ke Faransanci, kamar yawancin ofisoshin Maraɗi da Damagaram, za su same shi a `Mise en page` da sunan `Zone d'impression`.

Akwai halaye biyu na wannan yankin da ke kama mutane. Na farko, idan ka zaɓi wurare biyu da ba sa manne da juna, misali sunaye a A da B sannan jimloli a O zuwa Q, ka tsallake watannin, Excel ba zai haɗa su gefe da gefe ba. Kowanne shafinsa daban zai ba shi. Mai son haka sai dai ya ɓoye ginshiƙan tsakiya, domin ginshiƙin da aka ɓoye ba ya fitowa a takarda, alhali jimla tana ci gaba da ƙirga shi.

Na biyu ya fi haɗari. Yankin yana zama a cikin fayil bayan an adana, da suna `Print_Area`, ana iya ganinsa a `Name Manager` ƙarƙashin `Formulas`. Idan aka saka sabon layi a tsakiyar jadawalin, yankin yana buɗewa da kansa ya ɗauke shi. Idan kuwa a ƙasa aka ƙara, a layi na 43 da na 44, ba ruwansa da su. Ma'aji zai iya ƙara layin bashin da ake bin ƙungiya a ƙarshe, ya gan shi a allo, ya buga, ya raba wa jama'a, layin bai fito ba, kuma babu wani gargaɗi da kwamfuta za ta yi masa. Saboda haka duk lokacin da aka taɓa ƙasan jadawali ko gefensa na dama, a sake shata yankin.

Da wannan kaɗai faɗin ya sauko daga 57 zuwa 46.4. Matsewar ta koma kusan kashi 37, rubutun ya zama girma 4. Har yanzu dai ba a yi komai ba.

Lambar da ya kamata a sa wa ido

A cikin `Page Layout` akwai wasu akwatuna uku a jere, `Width` da `Height` da `Scale`. Idan aka mayar da `Width` zuwa `1 page`, aka bar `Height` a `Automatic`, an ce wa Excel ya tattara duk ginshiƙai a faɗin takarda ɗaya, tsawon kuma ya tafi duk inda ya kai. Shi ne daidai da `Fit All Columns on One Page` na shafin bugawa. Akwatin `Scale` zai dushe, ba za a iya rubutu a cikinsa ba, amma yana nuna kason da Excel ya zaɓa. Wannan lambar ita ce alƙalin aikin gaba ɗaya. A ninka ta da girman rubutu, a san abin da mai karatu zai gani. Rubutu mai girma 11 a kashi 90 ya zama kusan 10, lafiya lau. A kashi 75 ya zama 8 da ɗan ɗoriya, ana karantawa amma an kusa gargara. A nawa ra'ayin, takardar da za a raba a zauren taro, mai yiwuwa ma a yi mata fotokwafi da injin da tawadarsa ta yi rauni, bai kamata ta sauka ƙasa da 8 ba. Kuma a sani cewa wannan saitin rage girma kawai yake yi. Ƙaramin jadawali ba zai buɗe ya cika takarda ba, sai an mayar da akwatunan biyu `Automatic` an rubuta kason da hannu, tsakanin 10 da 400.

To, me za a yi a ɗaga lambar? Abu mafi sauƙi shi ne kwantar da takardar. `Orientation` sannan `Landscape` yana mayar da wurin rubutu santimita 26.1, kason ya tashi zuwa 56, rubutu ya zama girma 6. A ƙara da `Margins` sannan `Narrow`, wanda ke rage gefen hagu da dama zuwa santimita 0.64, wuri ya zama 28.4, kason ya kai 61. Iyakar abin da saiti zai iya yi ke nan. An juya takarda, an cinye gefenta, amma rubutun bai kai girma 7 ba.

Abin da lissafin nan yake faɗa a fili yake: ginshiƙai goma sha takwas ba za su zauna a A4 su karantu ba. Matsalar ta tashi daga hannun firinta ta koma hannun mai rahoto, domin shi ne zai yanke abin da jama'a suke bukatar gani. Mamban da ya zo taro ba kuɗin gadin watan Yuli yake nema ba. So yake ya san nawa aka tara, nawa aka ware wa kowane aiki, nawa aka kashe, a ina aka zarce. Jadawalin wata-wata kayan aikin ma'aji ne da mai binciken kuɗi.

Shawarar da ta fi ita ce kada a taɓa jadawalin asali. A buɗe sabon falle a cikin fayil ɗin, a sa masa suna Rahoto, a jawo alƙaluman da ƙa'idar lissafi maimakon a kwafe su da hannu. Idan sunan fallen asali Kasafi ne, jimlar Janairu zuwa Maris ta layi na 6 ita ce:

```
=SUM(Kasafi!C6:E6)
```

Haka za a yi wa sauran, F zuwa H, I zuwa K, L zuwa N. Watanni goma sha biyu sun zama ginshiƙai huɗu na wata uku-uku. Amfanin yin haka shi ne idan an gyara wata lamba a asali daren jajibirin taro, rahoton zai gyaru da kansa. Ginshiƙin ƙarin bayani kuma a cire shi gaba ɗaya. A yawancin jadawalai layi uku ko huɗu ne kawai suke da bayani, sauran wofi ne, amma ginshiƙin yana cin santimita 5 tun daga sama har ƙasa. A sa wa waɗannan layukan alama, a rubuta bayanin a ƙasan jadawali.

Sai sifirai. Lamba kamar 1,250,000.00 tana cin wuri ba tare da ta gaya wa kowa wani sabon abu ba. A zaɓi alƙaluman, a danna `Ctrl+1`, a shiga `Custom`, a rubuta:

```
#,##0,
```

Waƙafin ƙarshen nan ne yake sa a nuna lambar a dubbai, 1,250,000 ta fito 1,250. Ainihin lambar ba ta canza ba, lissafi yana tafiya da cikakkiyarta. Sai dai dole ne a rubuta a saman rahoton cewa alƙaluman a dubban naira suke, in ba haka ba wani zai miƙe ya tambayi yadda aka gyara rijiyar burtsatse da naira dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Akwai kuma wani ɗan abu da mai ido zai kama. Idan 1,400 da 1,400 aka nuna su 1 da 1, jimlarsu 2,800 za ta fito 3. Ba kuskure ba ne, cikon lamba ne, amma gara a ambata shi a layi ɗaya a ƙasa tun kafin a tambaya. Ƙungiyar da kuɗinta bai kai a yi wannan ba, ta cire sifiran kwabo kawai.

Yanzu a sake awo. Lamba santimita 1, suna 5.5, ginshiƙai huɗu na wata uku-uku kowanne 1.9, jimla da abin da aka ware da bambanci kowanne 2.1. Duka 20.4. Daga 46.4 ke nan, ba a rage girman harafi ko ɗaya ba.

A wannan matakin wasu za su bar takardar a kwance tunda faɗin ya shiga har da saura. Amma akwai tsawo. Layin Excel na yau da kullum, da rubutun Calibri mai girma 11, tsayinsa kusan santimita 0.53 ne. Takarda a kwance tana da wurin santimita 17.2 daga sama zuwa ƙasa, wato layi 32, mu kuwa 42 gare mu, ban da bayanan ƙasa da wurin sa hannu. A tsaye wurin santimita 25.9 ne. Saboda haka rahoton ya koma `Portrait`. Gefen kuma ba na son a bar shi a ƙunci, domin takardar kasafi fayil take shiga, ana huda ta ko a danne ta da sitefila, kuma hujin yakan cinye lambobin ginshiƙin farko. A shiga `Custom Margins`, a ba hagu santimita 2, dama 1. Wuri ya zama 18. An raba 18 da 20.4, kason ya fito 88, rubutu ya kusa girma 10. Jadawali da bayanai da wurin sa hannun shugaba da ma'aji sun kai layi na 50, tsawonsu bayan matsewa kusan santimita 23.3, sun shiga cikin 25.9. A shata yankin bugawa daga A1 zuwa I50.

Saura tambaya ɗaya: a kulle `Height` a `1 page` ko a bar shi? Ni barinsa nake yi a `Automatic`. Idan an kulle, ranar da aka ƙara layuka goma Excel zai ƙara matse rubutun shiru, ba wanda zai lura sai an buga. Idan an bar shi, ƙarin zai zubo shafi na biyu, a ga `1 of 2` a ƙasan hoton bugawa, a san lokacin rage wani abu ya yi.

Inda takarda take yankewa

Mai rahoton shafi ɗaya zai iya cewa ba ruwansa da yankewar shafi. Yana da ruwa, ta hanya biyu. A shiga `View`, a danna `Page Break Preview`. Abin da za a buga zai fito fari, sauran fallen ya yi toka-toka, kowane shafi da lambarsa a bayansa. Shuɗayen layuka su ne wuraren yankewa. Mai ɗigo-ɗigo Excel ne ya sa shi saboda takarda ta cika. Miƙaƙƙe wanda bai tsinke ba, idan a tsakiyar jadawali yake, mutum ne ya sa shi da hannu.

Fayil ɗin kasafi yakan yi gado, daga tsohon ma'aji zuwa sabo, kuma yankewar da wani ya sa shekaru uku da suka wuce tana nan. Alamarta ita ce rahoto ya rabu biyu alhali rabin shafin farko fari ne. Maganinta `Page Layout`, `Breaks`, `Reset All Page Breaks`. Akwai kuma tarko a wannan hoton. Ana iya kama layin ɗigo-ɗigo da linzami a ja shi zuwa bakin jadawali, shafi biyu su zama ɗaya nan take. Abin yana da daɗi a ido, amma matsewar nan ce dai ta shigo ta bayan gida, Excel ya rage kason don abin ya shiga. Duk wanda ya ja layin, ya koma ya dubi `Scale`.

Hanya ta biyu ita ce ratayen rahoton. Mai binciken kuɗi zai nemi na wata-wata, kuma shi ba dole ba ne ya zama shafi ɗaya. A fallen asali a shata daga A zuwa O, wato sunaye da watanni da jimla, santimita 36.2. Takarda a kwance da ƙuntataccen gefe tana ba da kashi 78, rubutu ya haura 8 da rabi, mai bincike zai iya da shi. Amma a wannan kason layi 41 ne suke shiga shafi. Na 42, wanda shi ne ragowar kuɗin da ke asusu, zai faɗa shafi na biyu shi kaɗai. Irin wannan ne ake sa yankewa da hannu dominsa. Idan kuɗin shiga sun ƙare a layi na 14, kuɗin fita sun fara a na 15, a danna lambar layi na 15 a gefen hagu, sannan `Breaks`, `Insert Page Break`. Shiga a shafi ɗaya, fita da ragowa a na biyu. A kula da wurin da aka danna, domin Excel yana yankewa a saman gidan da aka zaɓa da kuma hagunsa. Wanda ya danna D15 maimakon layin gaba ɗaya ko A15, zai samu yanka biyu, na kwance da na tsaye, jadawalinsa ya rabu huɗu.

Yankewar hannu da matsewar kai-tsaye ba sa shiri sosai. Idan an ce faɗi shafi ɗaya, tsawo ma shafi ɗaya, Excel yana watsi da duk yankewar da aka sa. Don haka a ratayen, bayan an ga kason da ya dace, a mayar da `Width` da `Height` zuwa `Automatic`, a rubuta 78 a `Scale` da hannu. Sannan a shiga `Print Titles`, a akwatin `Rows to repeat at top` a sa layukan kan jadawalin:

```
$1:$4
```

Da haka shafi na biyu zai fito da sunayen watanni a samansa, mai bincike ba sai ya riƙa ɗora takarda kan takarda yana neman wane ginshiƙi ne Agusta ba.

Daga kwamfutarka zuwa shagon bugawa

Yawancin ma'ajin irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da firinta a gida. A filashi ko ta waya ake kai fayil shago, kuma a can ne aikin da aka gyara tsaf yakan warware. Dalili na farko girman takarda ne. Kwamfutoci da yawa suna zuwa a saite da `Letter`, takardar Amurka, wadda ta fi A4 faɗi da milimita 6, ta kuma gaza ta tsawo da milimita 18. Wanda ya tsara rahotonsa a kanta, awonsa duka na wata takarda ne daban da wadda ke cikin injin. A duba `Size` a tabbatar `A4` ne tun kafin a fara kowane lissafi.

Dalili na biyu, Excel yana auna shafi ne da bayanan firintar da ke haɗe da kwamfutar, kuma kowace firinta da ɗan bambancinta. Haka ma nau'in rubutu. Sababbin fitowar Microsoft 365 suna farawa da Aptos Narrow, kuma tsohuwar kwamfutar shago da ba ta da shi za ta musanya shi da wani mai faɗi daban. Sakamakon shi ne layin ƙarshe ya zame zuwa shafi na biyu, ko lamba ta koma `#####`, alamar cewa ginshiƙin ya yi mata kaɗan. Jimlar ƙasa ce ta fi faɗawa wannan, domin ita ce lamba mafi tsawo kuma galibi an kaurara ta. A bar wa kowane ginshiƙin alƙaluma ɗan sarari fiye da abin da ido ya gani a allo.

Abin da ke raba wannan gardama shi ne kada a kai fayil ɗin Excel shago sam. A kwamfutar da aka yi aikin, a tsaya a kan fallen Rahoto, a shiga `File`, `Save As`, a zaɓi `PDF`. Yana bin yankin bugawa da kason da aka saita, kuma abin da ya fito ba ya sake motsi. A buɗe shi a duba abu huɗu da ido: shafi ɗaya ne, ginshiƙin bambanci na can dama ya fito, layin sa hannu na ƙasa ya fito, babu `#####` ko'ina. Wannan yana da wata fa'idar ma, domin mai shago da duk wanda ya zauna a kwamfutarsa bayanka ba za su ga sauran fallayen ba, inda sunayen waɗanda ba su biya kuɗin wata ba suke. A wurin bugawa a ce masa ya zaɓi `Actual size`, kada manhajar PDF ta ƙara nata matsin a kan wanda aka riga aka yi. Kuma ya fitar da kwafi ɗaya tukuna, a riƙe shi a nisan hannu a karanta lambar da ta fi ƙanƙanta, kafin a ce ya buga ɗari.